Alhaji ya ce haruffan saƙonmu suna fitowa wani iri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nake tura wa manoma saƙo a shagon taki da iri na maigidana a Funtuwa. Ina rubutawa a WhatsApp, sai in kwafa in tura ta tes ga waɗanda ba su da babbar waya. Wani dattijo, tsohon abokin cinikinmu, ya ce saƙon yana zuwa masa da taurari da wasu alamomi da ba ya ganewa, har kuɗin da aka rubuta ma bai tabbatar da shi ba. Na gyara masa da hannu na sake turawa, ya ji daɗi. Bayan mako guda abin ya dawo, yanzu ya yi fushi, ya ce ba ma saurarensa. Me ke kawo wannan, kuma yaya zan yi gyaran ya zauna?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fushin Alhaji yana kan hanya, kuma gara ka fara da karɓar wannan. Karo na farko da saƙon ya zo a hargitse, laifin na'ura ne. Karo na biyu kuwa, bayan ya buɗe baki ya faɗa, a idonsa laifin ya zama na shago. Abin da ka gyara rannan saƙo ɗaya ne, amma hanyar da saƙo ke bi daga hannunka zuwa wayarsa tana nan yadda take, don haka duk abin da ya sake bin ta zai fito da irin wancan tabon. Na shafe shekaru ina haɗa wa makarantu da ƙungiyoyin manoma tsarin tura saƙo, kuma da wuya ka ga inda aka fara aikin ba a yi tuntuɓe da wannan dutsen ba.

Kafin ka taɓa komai, ka ga abin da idonka. "Wani iri" kalma ce mai faɗi, cututtuka daban-daban ne ke ɓoye a ƙarƙashinta, kuma maganin wata ba ya yi wa wata. In Alhaji ya shigo shago, ka roƙe shi ya buɗe maka saƙon. In yana ƙauye, ka sa ɗansa ko maƙwabcinsa mai babbar waya ya ɗauki hoton fuskar wayar ya turo maka. Kada ka dogara da abin da kake gani a taka wayar, domin ita tana nuna maka abin da ka aika ne, ba abin da ya isa ba.

Taurarin su ne mafi sauƙin bayani. A WhatsApp, in ka sa kalma tsakanin taurari biyu, manhajar tana ɓoye taurarin ta kaurara kalmar. Haka in ka sa ta tsakanin ƙananan layuka na ƙasa, sai ta karkata. Wannan yarjejeniya ce ta cikin WhatsApp. Tes bai san da ita ba, abin da ka ba shi shi zai kai. Kai kana ganin kalmar Sanarwa da kauri, Alhaji yana ganin tauraro, Sanarwa, tauraro. Ga mutumin da ya saba ganin tauraro a lambobin duba kuɗin waya da na banki, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka wata lamba ce ake so ya danna, ko ma ya zargi saƙon na 'yan damfara ne.

Sauran alamomin kuwa daga haruffanmu masu lanƙwasa suke zuwa, wato ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ ga masu rubutu irin na Nijar, sai kuma alamar Naira, ₦. A nan ne kallon da na ce ka yi zai yi maka amfani, don yadda harafin ya lalace yana nuna inda ya lalace.

In ka ga ɗan akwati fanko a gurbin harafin, to saƙon ya isa lafiya, wayar ce ba ta da zanen wannan harafin a cikinta. Ta san an aiko mata da wani abu, ba ta san yadda ake zana shi ba, sai ta ajiye akwati. Ana yawan ganin haka a ƙananan wayoyi masu madannai. Ba abin da za ka yi daga shago da zai koya wa wayar Alhaji zana ƙ. In kuma alamar tambaya ka gani, kamar `Ku?in` a madadin Kuɗin, to galibi tun a hanya aka jefar da harafin: ko shafin da kake tura tes mai yawa ta cikinsa, ko saitin wayar da ta tura, ya tilasta saƙon ya shiga tsarin da babu ɗ a ciki, sai aka cike gurbin da alamar tambaya. A wasu wayoyi akwai wurin da aka rubuta `Input mode` a saitin saƙonni, da zaɓi uku: `GSM alphabet`, `Unicode`, `Automatic`. In yana kan na farko, haruffan nan ba za su fita da ransu ba.

Na uku shi ne wanda ya fi tsoratar da mutane, inda harafi ɗaya ke rikiɗa ya zama baƙin alamomi biyu ko uku:

```
ƙ  →  Æ™
ɗ  →  É—
ɓ  →  É“
₦  →  â‚¦
’  →  â€™
```

Dalilinsa shi ne, a tsarin UTF-8 da yawancin rubutun zamani ke amfani da shi, ana ajiye ƙ da lambobi biyu, ₦ kuma da uku. In wata manhaja ta karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows-1252, wanda ke ɗaukar kowace lamba a matsayin harafi mai zaman kansa, sai ta raba ƙ gida biyu ta nuna `Æ` da `™`. Wannan yakan faru ne idan an buɗe fayil ɗin CSV, wato fayil ɗin da ake ajiye jerin sunaye da saƙonni a ciki, a Excel ta hanyar danna shi sau biyu. In wannan ka gani a wayar Alhaji, to matsalar ba tasa ba ce shi kaɗai. Duk wanda ke cikin jerin nan haka yake samun saƙon, shi ne dai ya damu har ya yi magana. Maganin a wurinka yake: ka shigo da fayil ɗin ta `Data`, sannan `From Text/CSV`, ka zaɓi `65001: Unicode (UTF-8)`, kuma in za ka ajiye ka zaɓi `CSV UTF-8`, ba `CSV (Comma delimited)` zalla ba, don wannan na biyun yana mayar da haruffan alamar tambaya, kuma in sun koma haka ba sa dawowa.

Tunda ka ambaci taurari kuma ka ce ƙaramar waya ce, zatona akwati ko alamar tambaya za ka tarar. Bari mu ɗauki saƙo irin wanda shago kamar naku ke turawa, mu bi shi:

```
*Sanarwa:* Alhaji, takinku buhu 12 ya iso. Kuɗin da ya rage ₦48,000. A zo a ɗauka kafin ƙarfe 4 ranar Laraba.
```

In ka ƙirga har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, gurbi 109 ne. Tes na yau da kullum yana ɗaukar gurbi 160, don haka za ka zaci saƙo ɗaya ne. Amma 160 ɗin nan na saƙon da duk haruffansa ke cikin jerin GSM ne, wato jerin haruffan da tes ya sani tun asali, kuma babu ƙ, ɗ, ɓ ko ₦ a wannan jerin. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, ko da guda ɗaya tal, saƙon gaba ɗaya yana komawa wani tsari da ke ɗaukar gurbi 70 kacal, in kuma ya wuce 70 ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace 67. Wato saƙon nan na sama tes biyu ne, maigidanka yana biyan kuɗin biyu, sannan a ƙarshe dattijon ya ga akwati a gaban 48,000. Wannan akwatin shi ya fi damuna a duk lamarin. Mutumin da idonsa ya fara rauni, a ƙaramar fuskar waya, zai iya ɗaukarsa sifili ko wata lamba. Kuskure a harafi ana iya cinkarsa daga ma'anar jimla, amma kuskure a kuɗi rigima yake haifarwa tsakanin mai shago da abokin ciniki.

Ga yadda ya kamata ya je masa:

```
Sanarwa: Alhaji, takinku buhu 12 ya iso. Kudin da ya rage Naira 48,000. A zo a dauka kafin karfe 4 ranar Laraba.
```

Gurbi 112, tes ɗaya, kuma kowace waya za ta nuna shi daidai. Na rubuta Naira cikakkiya da gangan. Wasu suna sa N kawai, kuma yana yi, amma tunda akwai sarari, cikakkiyar kalma ba ta barin shakka.

Ba na jin daɗin cire wa Hausa lanƙwasarta, kuma ba zan ɓoye maka ba. Haruffan nan ba ado ba ne. Kasa daban ƙasa daban, kara daban ƙara daban, haka kaya da ƙaya. Shi ya sa bayan ka cire su dole ka sake karanta saƙon da idon mai karɓa. Mai jin Hausa zai gane "kudin" da "dauka" ba wahala, don babu wata kalma da za ta yi musu kishiya a wannan jimlar. Amma ka duba "takin ya kare": da lanƙwasa yana nufin babu saura, ba tare da ita ba kuma kalmar na iya zama ta kariya. Inda ka ga irin wannan, sauya kalmar gaba ɗaya, ka ce "babu sauran taki". Maimakon "an kara kudi" ka ce "farashi ya hau". Saƙo mara lanƙwasa ana rubuta shi ne da sanin cewa ba shi da ita, a zaɓo masa kalmomin da za su tsaya da ƙafarsu.

Yanzu ga ainihin abin da ka tambaya, yadda gyaran zai zauna. Rannan da ka gyara, a cikin kanka ka ajiye maganar Alhaji. Kai kuma ba ka nan kullum, kuma ko kana nan, ranar kasuwa da mota ta sauke kaya mutane suka cika shago ba za ka tuna da wayar mutum ɗaya cikin ɗaruruwa ba. Dole maganar ta koma wurin da ake haihuwar saƙo na gaba. Ka tambayi kanka: in na tashi tura saƙo gobe, ina hannuna ke fara zuwa? Duk inda amsar ta nuna, can za a rubuta.

In daga lambobin waya kake turawa ɗaya bayan ɗaya, ka gyara yadda ka ajiye sunansa, ka ƙara masa alama a gaba, misali "TES ZALLA" kafin sunan. Duk wanda ya ɗauki wayar shago zai gani kafin ya rubuta komai. In kuma jeri kake da shi a Excel, ka ƙara layin tsaye guda, ka kira shi `tsari`, a gaban kowane suna ka rubuta `cikakke` ko `sauki`. Daga nan sai ka bar kwamfuta ta riƙa tunawa a madadinka. A ce saƙon yana `E2`, tsarin mutumin yana `D2`, sai ka rubuta wannan a wani gurbi fanko na gefensu, shi zai fitar da saƙon da za a tura:

```
=IF(D2="sauki",SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(E2,"ƙ","k"),"ɗ","d"),"ɓ","b"),"₦","Naira "),"*",""),E2)
```

Na gajarta shi ne don ka ga fasalinsa. `SUBSTITUTE` yana bambanta babban baƙi da ƙarami, saboda haka sai ka ƙara masa Ƙ da Ɗ da Ɓ ta wannan hanyar, in ba haka ba duk jimlar da ta fara da "Ƙarin bayani" za ta tsallake. Kuma ka kiyayi cire taurari ta `Find and Replace` a Excel: a can tauraro yana nufin "komai da komai", in ka ce a maye shi da fanko zai share maka rubutun gaba ɗaya. In dole sai ta can, `~*` ake rubutawa.

Ko da ka yi wannan, akwai ƙofofin baya da matsalar ke sake shigowa, kuma na fi son in daɗe a kansu domin su ne ke sa mutum ya rantse ya gyara alhali abin yana nan.

Babbar ƙofa ita ce tsohon saƙo. Kusan kowa in zai tura sanarwar wannan makon, ta makon jiya yake nemowa ya kwafa ya sauya adadi da rana. In wadda ka kwafo ta WhatsApp ce, taurari da lanƙwasa sun biyo ta. Ina kyautata zaton haka aka yi da Alhaji a mako na biyu. Don haka ka ajiye ginshiƙan saƙonninka kashi biyu a wuri ɗaya sananne: na isowar kaya, na tunin bashi, na sauyin farashi, kowanne da cikakke da kuma mai sauƙi. Ka daina kwafowa daga tarihin hira. Ni in na shirya wa mutane, nakan sa su fara rubuta mai sauƙin, sannan su yi wa na WhatsApp kwalliya daga baya, don ƙara ado ya fi sauƙi kan tsince shi ɗaya-ɗaya.

Sai madannan wayarka. In ka saita su a Hausa, suna iya gyara maka "kudi" su mayar da shi "kuɗi" da kansu kana cikin sauri ba ka lura ba. Aikinsu suke yi, amma a saƙon Alhaji ɓarna ce. Akwai hanya mai sauƙi ta kama wannan: yawancin manhajojin tes suna nuna ɗan ƙidayar guraben da suka rage, shafukan tura tes mai yawa ma haka. In saƙon da bai kai gurbi 160 ba ya nuna maka ya zama biyu, to akwai baƙon harafi a ciki, ka nemo shi kafin ka tura.

Ƙofar da ta taɓa kayar da ni kuwa hamza ce. Wata shekara ina yi wa wata makaranta aikin tura wa iyaye saƙon kuɗin zango. Wani uba ya yi ƙorafi irin na Alhajinku, na tsabtace saƙon tas, na gwada, na ba shi tabbaci. Zango na gaba ya dawo da wayarsa a hannu ya nuna mini alamar tambaya a tsakiyar sunan ɗansa. Na ji nauyin mutumin nan ƙwarai. Da na bincika, sai na tarar jikin saƙon lafiya lau, amma sunan yaron daga jerin sunaye ake ɗauko shi a liƙa, kuma an buga jerin ne a Word, wanda ke lanƙwasa hamza da kansa. Hamzar da ke cikin suna irin Sa'adu ko kalma irin 'ya'ya iri biyu ce a kwamfuta: akwai miƙaƙƙiya `'` wadda ke cikin jerin GSM, akwai lanƙwasasshiya `’` wadda babu ita. A ido kusan ɗaya suke, shi ya sa take wucewa. Tun daga ranar nake tsabtace saƙo bayan an haɗa shi da suna da adadi, ba kafin nan ba. Kai ma ka duba sunayen jerinka, musamman masu farawa da Ɗan, da sunayen garuruwa irin Ƙanƙara da Ɗandume, da kuma sunan shagon da kuke sawa a ƙarshen saƙo. Imoji ma ɗaya tal, ko na hannuwan addu'a ne, yana mayar da saƙon tsarin gurbi 70.

Ƙofa ta ƙarshe mutum ce. Ranar da ka je biki ko ba ka da lafiya, wani yaron shago ne zai tura, ko maigida da kansa. In ba su san dalilin alamar da ka sa a sunan Alhaji ba, za su wuce ta. Ka zaunar da su minti biyar, ka nuna musu hoton abin da ya fito a wayarsa. Ganin akwatin nan a gaban kuɗi ya fi dogon bayani shiga kai. Kuma in da hali, a sayi ƙaramar waya mai madannai, ko ta hannu ce, a ajiye a shago da layi a ciki, a sa lambarta cikin jerin. Duk saƙon da za a tura wa jama'a, a fara tura mata a duba.

Akwai tambayar da za ta biyo baya: shin a cire lanƙwasa ga kowa kawai a huta? A tes, ra'ayina shi ne e, ka mayar da mai sauƙi ya zama shi ne na kowa, saboda ba ka san wayar da ke hannun kowane manomi ba, kuma waɗanda suka yi shiru ba lallai ne suna gani daidai ba, wasu sun ɗauka haka saƙon shago yake zuwa. Ga kuma ragin kuɗin tura saƙo. A WhatsApp kuwa ka bar Hausa da cikakkun haruffanta, wayoyin da ke ɗaukar manhajar galibi suna nuna su, babu dalilin rage wa masu gani daidai ingancin rubutu. Sai dai ka guji haruffan ado da ake kwafowa daga shafukan ƙawata rubutu, masu kama da rubutun hannu ko masu kauri. Ba haruffan boko na gaske ba ne, alamomin lissafi ne da suka yi kama da su, kuma a tsofaffin wayoyi layin akwatuna suke zama.

Kada kuma ka mayar da Alhaji tsohon tsari bisa zato. Ko ka gan shi da sabuwar waya a hannu, mai yiwuwa layin da kuke tura wa saƙo yana cikin tsohuwar a aljihu. Alamar ta zauna har sai shi da bakinsa ya ce a sauya, ko ka tura masa gwaji ya tabbatar maka ya ga komai daidai.

Game da shi kansa, kada ka ba shi haƙuri ta tes. Ka kira shi, ko ka jira ya shigo ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce masa: "Baba, kun yi magana mun gyara sau ɗaya muka sake, laifinmu ne. Yanzu an rubuta a gaban sunanku, ko ba na nan haka za a riƙa turo muku." Ba ya buƙatar jin labarin GSM ko UTF-8. Sannan ka tura masa gwaji yana tsaye, ka roƙe shi ya karanta maka adadin kuɗin da ya gani. Saƙo biyu ko uku na gaba da za su je masa, ka duba su da kanka kafin su fita, ka kuma tabbatar masa da baki nawa ne ragowar kuɗin takin nan, tunda saƙon farko ya bar shi cikin shakka a kai.